Wasiƙa ga sababbin ɗalibai kafin shiga ɗakin fiɗar gawa

Ya ku ɗalibaina,

Mako mai zuwa za a buɗe muku ɗakin fiɗar gawa na sashen anatomi, a raba ku tebur-tebur, kowane rukuni da gawar da zai yi karatu a kanta har shekara ta ƙare. Na rubuto muku ne tun yanzu domin ranar farko ba ranar jin bayani ba ce. Ido yana hawaye, hanci yana zafi, zuciya tana bugawa, abin da malami ya faɗa kaɗan ne yake zama. Ku karanta wannan a natse a ɗakunanku.

Zan fara da wanda za ku tarar a kwance. Mutum ne. Uwa ce ta haife shi, aka raɗa masa suna, ya yi ƙuruciya, ya nemi abinci kamar kowa. A wasu ƙasashe mutane sukan yi wasiyya tun suna raye cewa a ba makarantar likitanci jikinsu. A Najeriya hakan bai yawaita ba. Mafi yawan gawarwakin da ake karatu da su na waɗanda suka rasu ne ba a sami danginsu ba, hukuma ta miƙa su ga makaranta ƙarƙashin dokar anatomi da ake aiki da ita tun 1933. Ma'ana, wannan bawan Allah ba shi da wa ko ƙane da zai tsaya masa ya ce a rufe masa jiki. Ku ne za ku tsaya masa.

Na san wasunku suna da damuwa ta addini, kuma damuwa ce mai kyau. Malamai sun daɗe da duba mas'alar. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na Makka a 1987, ta halatta feɗe gawa domin koyar da likitanci, amma da sharuɗɗa, daga ciki akwai tsayawa a iya buƙata da binne dukkan sassan jikin bayan an gama. Ku riƙe waɗannan biyun, Musulminku da Kiristanku, domin kusan duk ƙa'idojin ɗakin daga gare su suka fito. Tsayawa a iya buƙata shi ya sa ba ma buɗe komai sai wurin da ake aiki a kansa ranar. In hannu muke yi, fuska da al'aura da ƙafafu suna rufe. Binne dukkan sassa shi ya sa kowane tebur yake da bokitinsa mai lambar gawar. Fata, kitse, ɗan guntun tsoka, duk abin da ya fito daga jikin nan cikin bokitin nan zai shiga, ba na teburin maƙwabta ba, ba kwandon shara ba. Safar hannu da auduga da takarda suna da nasu kwandon. Reza kuma akwatin ƙarafa masu kaifi. Ba a fita da komai na jikin daga ɗakin, ko da ƙashi ne da kake son ka yi bita da shi a masauki.

Hoto haramun ne a ɗakin nan, ko na fuska ko na yatsa. Kada wani ya ce don karatu zai ɗauka. Hoton da ya shiga waya ya fita daga ikon mai wayar, kuma ba ku san idon da zai faɗa kansa ba. Ba a raɗa wa gawa sunan barkwanci, ba a jingina da ita, ba a ɗora littafi ko jaka a kanta, ba a kawo aboki daga wani sashe ya zo kallo. Labarin abin da kuka gani ma ba na cikin mota ko wurin mai shayi ba ne. Ban hana ku magana da murmushi a bakin aiki ba, awa uku ba a yin ta fuska a murtuke. Abin da na hana shi ne a mai da mamacin abin dariyar.

Sai maganin da aka adana jikin da shi. Famalin ruwa ne mai ɗauke da sinadarin famaldihaid kimanin kashi 37 zuwa 40 cikin ɗari. Ana sirka shi, a haɗa da wasu magunguna irin su gilisarin da sifirit, a tura ta babbar jijiyar jini ta cinya ko ta wuya har ya ratsa jiki. Shi yake sa tsoka ta yi tauri ta koma ruwan ƙasa, shi kuma yake sa ku hawaye. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa famaldihaid cikin abubuwan da ke iya jawo daji ga wanda ya daɗe yana shaƙa, don haka ba abin nuna jarumta ba ne. A buɗe tagogi, a kunna fankokin fitar da iska, kada ka kifa fuskarka dab da wurin aiki. Mai juna biyu, da mai asma, da wanda fatarsa ke saurin ƙaiƙayi, su same ni a ofis kafin ranar, a asirce, mu tsara yadda za a yi. Mai sa gilashin da ake liƙawa a ƙwayar ido ya cire, ya sa tabarau. Farar riga a ɓalle maɓallanta, takalmi rufaffe, ban da silifa, domin reza takan faɗi. 'Yan mata ku tura hijabi cikin riga kada ya riƙa sharar tebur, samari masu hannun riga mai faɗi ku naɗe. Ku karya kumallo kafin ku zo. Wanda ya ji jiri ya zauna ko ya fita ya sha iska, babu abin kunya a ciki, kuma kada na ji an yi masa tsiya.

Kayan aikin ba su da yawa: mariƙin aska mai lamba 4 da reza mai lamba 22, hantsaki biyu, mai haƙori na kama fata da marar haƙori na kama jijiya, almakashi, da ɗan ƙarfen bincike marar kaifi. Da hantsaki ake sa reza ana cire ta, ba da yatsa ba, kuma bakin yana kallon ƙasa, nesa da mutane. In za ka ba wani aska, ajiye ta a faranti ya ɗauka. In ka yanke, cire safar, wanke da ruwa mai gudu da sabulu, rufe, ka sanar da malami nan take ko da ƙwarzane ne.

Yanzu ga abin da na fi so ku fahimta. Sabon ɗalibi yana zaton aska ce babbar abokiyar aikinsa. Ba haka ba ne. Aska ta fata ce da yanke tsokar da littafi ya ce a yanke. Da zarar an wuce nan, aikin na yatsa ne da almakashi a rufe. Ka cusa bakin almakashin a rufe cikin kitse, ka buɗe shi a hankali a tsawon hanyar da kake zaton jijiyar ta bi, ka zaro shi a buɗe. Kitse da tantani za su rabu, jijiya kuwa ta tsira, domin ta fi su ƙarfi. In ka buɗe a gicciye, ƙananan rassa za su tsinke. Abin da ka yanke ya tafi ke nan. Babu wata gawar da za a ba ku, kuma sauran abokan teburinku sun rasa ganin abin har ƙarshen shekara. Nan ne girmama mamaci da iya karatu suke haɗuwa: hannun da bai yanka sai ya san abin da yake yankawa.

Bari mu bi aikin da za ku fara da shi, ƙirji da hammata, domin a nan ne aka fi yin ɓarna.

Gawa tana rigingine, an ɗan ware hannu daga jiki. Kada a ɓanƙare shi da ƙarfi, tsokar da famalin ya kama takan yage. Kafin a taɓa aska, kowa ya laluba da yatsa: ƙashin wuya daga tsakiya zuwa kan kafaɗa, ɗan ramin da ke saman ƙashin ƙirji, ƙarshen ƙashin ƙirji ta ƙasa. Ku laluba a jikinku ma, domin a jikin mai rai za ku yi aiki gobe. Ana tsaga fata a tsakiyar ƙirji daga ramin nan zuwa ƙarshen ƙashin, sannan a bi ƙashin wuya zuwa kafaɗa, sauran layukan kuma yadda jagorar sashe ta zana. Fatar ƙirji ba ta da kauri, 'yan milimita ne, don haka bakin reza kawai ake sawa. Ka kama kusurwa da hantsaki mai haƙori, ka ɗan ɗaga ta, ka huda ƙaramin rami ka sa yatsa ka ja da ƙarfi. Jan shi ne rabin aikin. Bakin reza ya riƙa kallon cikin fata, ba jiki ba. In bayan fatar da kake ɗagawa ya fito fari da ƙananan ramuka, kana daidai. In kitse mai kauri yana biyo ta, ka yi zurfi. In kuwa ka ga jan tsoka, tsaya, ka wuce wuri.

Abu na farko da za ku nema shi ne jijiyar sefalik, mai mayar da jini, a cikin kwarin da ke tsakanin tsokar kafaɗa, deltoyid, da babbar tsokar ƙirji, fektoralis meja. Ita ce iyakar tsokokin biyu, kuma da yawa sukan kwashe ta tare da kitse a minti goman farko.

A nan ya kamata ku koyi bambance jijiyoyi uku da hannu, ba da launi ba. A atalas an shafa musu ja da shuɗi da rawaya. A jiki duk kusan kala ɗaya ne. Atari, mai ɗauko jini daga zuciya, zagayayye ne, bangonsa da kauri, in ka matsa shi tsakanin yatsu za ka ji rami a ciki kuma ya dawo yadda yake. Beyin, mai mayar da jini, bangonta siriri ne, a lotse take, sau da yawa da duhun sandararren jini a ciki. Jijiyar laka ba ta da rami ko kaɗan, fara-fara ce, in ka duba da kyau za ka ga zare-zare a tsawonta. Kowa a teburin ya taɓa ukun da yatsunsa a ranar farko. Kallo daga bayan kafaɗar wani ba ya koyar da wannan.

Bayan an share fektoralis meja an ga inda zarenta ya nufa, sai a yanke ta kusa da mafarinta, a ƙashin wuya da gefen ƙashin ƙirji. Kafin ka yanka, tura yatsa ƙarƙashinta ka raba ta da abin da ke ƙasa. Kana naɗe ta zuwa wajen hannu za ka ji wasu zaruruwa suna riƙe ta ta ciki. Kada ka fizge. Jijiyoyin lakarta ne da na jininta. Ɗaya tana fitowa ta saman ƙaramar tsokar ƙirji, ɗaya kuma tana huda ƙaramar tsokar ta fito. Wadda ta huda ita ce midiyal fektoral, ta saman ita ce latiral fektoral. Za ku lura latiral ɗin ta fi kusa da tsakiyar jiki, ku yi zaton littafi ya yi kuskure. Bai yi ba. An ba su suna ne daga igiyar da kowace ta fito, ba daga inda take kwance ba.

Ƙaramar tsokar, fektoralis maino, tana tasowa daga ƙasusuwan haƙarƙari na 3 zuwa na 5 ta hau zuwa wata ƙugiyar ƙashi ta allon kafaɗa. Ku kula da ita, ita ce alamar hanya a hammata. Ta gitta kan babban atarin hammata ta raba shi uku: kafin ta, bayanta, da gaba da ita. Kashi na farko reshe ɗaya gare shi, na biyu biyu, na uku uku. Igiyoyi uku na tarin jijiyoyin lakar hannu, birekiyal fileksos, sun sami sunayensu ne daga yadda suka kewaye kashi na biyu: ta waje, ta ciki, da ta baya.

Wannan tarin yana fitowa daga laka ta saiwoyi biyar, C5 zuwa T1. Kun haddace zanensa, na sani. To ku sani tun yanzu, saiwoyin da kututtukan suna cikin wuya, sama da ƙashin wuya. A hammata igiyoyi da rassa kawai za ku gani. Na sha ganin rukuni sun ƙare awa guda suna tonon hammata suna neman abin da sai mun zo wuya za a gan shi.

Kuna buɗe hammata za ku tarar da kitse, da kaluluwa, da babbar beyin ta rufe komai. Kada ku fara daga tsakiyar rikicin. Ku fara daga abin da ba ya ruɗarwa. A gefen waje, a saman damtse ta ciki, akwai siririyar tsoka, korakobirakiyalis. Jijiyar lakar da ta huda ta ta shige ita ce maskulokuteniyas. Ka kama ta da hantsaki marar haƙori ka bi ta sama, za ta kai ka igiyar waje. Daga igiyar wajen wani reshe ya gangaro ciki. Bi shi, zai haɗu da wani reshen a gaban atari, su zama jijiyar midiyan. Bi wancan reshen na biyu sama, ka isa igiyar ciki. Daga ita kuma jijiyar alna ta sauka. In an share da kyau, ukun da mahaɗansu suna yin siffar harafin M a kan atarin. Sannan ka ɗaga atarin a hankali da ƙarfen bincike. A bayansa igiyar baya take, ta rabu biyu: rediyal, mai kauri, ta ci gaba ƙasa, aksilari kuma ta juya baya ta kewaye wuyan ƙashin damtse tare da wani ɗan atari.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ɗaukar jijiyar fatar hannu ta ciki a matsayin alna, domin daga igiya ɗaya suka fito kuma kusa da juna suke tafiya. Hanyar rabewa ita ce bin su ƙasa. Alna ta fi kauri, ta fi zurfi, kuma tana nufar bayan ƙashin gwiwar hannu na ciki, wurin nan da in ka buge kake jin tartsatsi har ƙaramin yatsa. Ɗayar tana tasowa sama ta nufi fata. Ba a sanin jijiya da kamanninta a wuri ɗaya. Da inda ta fito da inda ta je ake saninta.

Akwai wata da nake roƙonku a kanta musamman. A bangon hammata na ciki, kan tsokar da ta kwanta a haƙarƙari, seratus antiriya, wata siririyar jijiyar laka tana gangarowa a saman tsokar, ba a ƙarƙashinta ba. Ita ce doguwar jijiyar ƙirji, lon torasik. Mai gaggawar kwashe kitsen hammata da ita yake haɗawa bai sani ba. Ku nemo ta tukuna, ku share ta, sannan ku kwashe kitsen. Likitan da ke cire kaluluwar hammata ga mai ciwon dajin mama wannan jijiyar yake kiyayewa. In ta yanke, allon kafaɗar matar zai riƙa tasowa baya duk lokacin da ta tura abu, ɗaga hannu sama da kai ya yi mata wuya. Haka kowace jijiya a wurin nan take da nata majinyacin. Rediyal ta wanda ya karye a tsakiyar damtse ce, wuyan hannunsa ya saki. Aksilari ta wanda kafaɗarsa ta goce ce. Saiwoyin C5 da C6 na jaririn da kafaɗarsa ta maƙale wajen haihuwa ne, hannu ya kwanta a jiki ba ya ɗaguwa. Duk jijiyar da kuka gano, ɗaya daga cikinku ya faɗi abin da zai sami mai rai in ta lalace. Abin da aka koya haka ba ya saurin gudu.

Wani lokaci abin da ke gabanku ba zai yi daidai da littafi ba. Maskulokuteniyas takan ƙi huda tsokarta, ko ta aika reshe zuwa midiyan. Kada ku yanke abin don ya dace da zane. Ku kira malami, ku kira sauran tebura su gani, ku zana shi a littafinku.

Game da tsarin teburi: ku da yawa ne, gawa ɗaya ce. In ba ku tsara ba, mutum biyu masu ƙarfin hali za su riƙe aska har shekara ta ƙare, saura su zama 'yan kallo. Ku raba aiki. Biyu suna fiɗa, ɗaya a kowane gefe, ɗaya yana karanta jagora da ƙarfi, shi ba ya taɓa gawa don kada littafi ya ɓaci, ɗaya yana riƙe da atalas, saura suna taimakawa da riƙewa da tambaya. Kowane zama a juya, mata da maza, kowa ya riƙe aska kowa ya karanta. Daren da ya gabata kuwa kowa ya karanta shafukan ranar, ya duba ƙashin wurin, ya zana abin da zai nema a takarda da hannunsa, ya rubuta jerin sunaye kamar goma. Wanda ya zo bai karanta ba, kitse kawai zai gani. Minti goma sha biyar na ƙarshe na bita ne: a rufe littafi, wanda bai yi fiɗa ranar ba ya nuna kowane abu ya faɗi sunansa. Sannan ku zaga wasu tebura biyu ku nemo abubuwan nan a jikin da ba naku ba. A jarrabawar sitifilces za a ɗaura zare ko a soka fil a jikin wata jijiya, a ba ku kamar minti guda kafin ƙararrawa ta kaɗa, kuma ba lallai a gawarku ba ne.

Kafin ku fita, ku mayar da komai mazauninsa: tsoka a kan tsoka, fata a kanta. Ku yayyafa ruwan jiƙawa da ma'aikata suka haɗa, ku rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, sannan leda, a lulluɓe tun daga kai har ƙafa. Da hunturu wannan ba abin wasa ba ne. Hammatar da aka bari a buɗe ranar Juma'a, kafin Litinin jijiyoyinta sun bushe sun yi baƙi, suna karyewa da an taɓa, kuma ruwa ba ya dawo da su. Yatsu da fuska su suka fi saurin bushewa. Da damina kuma fumfuna ce matsalar. In kun ga fari-fari ko kore-kore a jiki ko a ƙyalle, kada ku goge ku yi shiru, ku gaya wa ma'aikata, domin tana yaɗuwa daga tebur zuwa tebur ta kayan aiki.

Ma'aikatan ɗakin nan, waɗanda suke karɓar gawa su yi mata magani su ɗaga ta su kwantar, wasunsu sun girmi iyayenku, kuma sun ga hammata fiye da yadda za ku gani a rayuwarku. Ku gaishe su da Baba ko Malam, ku nemi izininsu kafin ku ɗauki abu, kada ku bar musu tebur da datti. Ku wanke kayan aikinku da kanku, ku wanke hannu har gwiwa, farar rigar kuma a sa ta a leda daban, kada a shiga da ita ɗakin cin abinci ko masallaci.

Ranar Litinin ku zo da riga, da safar hannu, da kayan aiki, da zanen birekiyal fileksos da kowa ya yi da hannunsa. Zan duba zanen a bakin ƙofa.

Allah ya ba ku ilimi mai amfani, ya jiƙan waɗanda za ku yi karatu a jikinsu.

Malaminku na anatomi.